Takardar Turawa Aiki na Wucin Gadi a Reshen Saminaka

Sashen Kula da Ma'aikata,
Babban Ofishi, Kaduna.
Litinin, 10 ga Maris, 2025.

Zuwa ga Malam Sani,
Jami'in Sito, Babban Ofishi.

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai cewa hukumar gudanarwar kamfani ta amince a tura ka reshenmu na Saminaka da ke Ƙaramar Hukumar Lere, domin ka riƙe sito na tsawon wata shida, daga ranar Litinin 7 ga Afrilu, bayan hutun Ƙaramar Sallah, zuwa ranar Juma'a 3 ga Oktoba, 2025. Jami'in da ke riƙe da wurin zai tafi ƙaro ilimi, tafiyar tasa kuwa ta faɗo a lokacin da manoman masara na yankin ke tururuwar sayen taki da iri, lokacin da tirela kan iso da daddare a sauke buhuna kafin gari ya waye. An zaɓe ka ne saboda an daɗe ana ganin yadda littafinka na shiga da fitar kaya ke dacewa da abin da ke jibge a sito duk sa'ad da masu bincike suka ƙidaya.

Wannan aron hannu ne kawai. Kana nan a matsayin ma'aikacin babban ofishi, da muƙaminka da matakin albashinka, kuma za a lissafa watannin nan cikin shekarun aikinka idan an zo duba ƙarin girma. A Saminaka za ka yi aiki ƙarƙashin manajan reshe, shi ne kuma zai riƙa ba ka izinin fita da na hutu. Kada ka karɓi makullai sai kun ƙirga kayan da ke sito buhu-buhu kai da wanda za ka canza, kun sa hannu a gaban manaja, domin daga wannan sa'a duk abin da ya ɓata yana wuyanka.

Albashinka zai ci gaba da shiga asusunka na banki kamar kullum, ana cire kashi 8 cikin ɗari na fansho, kamfani na zuba nasa kashi 10 kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tanada. Harajinka ma ba zai canza ba, tunda ba ka bar Jihar Kaduna ba. Baya ga albashi, za a ba ka ₦120,000 sau ɗaya, mako guda kafin tafiya, domin ɗaukar kaya da kintsawa, sai alawus na zaman waje ₦60,000 a kowane wata. Kamfani ya kama maka ɗaki da falo kusa da sito, zai kuma biya haya da kuɗin wuta. Idan ka fi son neman wurin zama da kanka, sai ka sanar da mu a rubuce kafin 24 ga Maris, a mayar maka da shi ₦35,000 a wata. Za a biya maka kuɗin mota zuwa Kaduna da komawa sau biyu a wata domin ganin iyali, bisa rasit ko takardar shaida daga manaja. Mun san Babbar Sallah za ta riske ka a can, a tsakiyar hada-hadar taki, saboda haka ku tsara zuwanka gida da manaja tun da wuri. Duk waɗannan alawus suna tsayawa ranar da wa'adin ya cika.

Idan buƙatar tsawaitawa ta taso, za a rubuto maka wata guda kafin ƙarshen wa'adi, ba za ta wuce wata uku ba, kuma sai da yardarka. Kamfani na iya maido da kai kafin lokaci da sanarwar mako biyu, kai ma kana iya neman hakan saboda rashin lafiya ko wata larurar iyali.

Bayan ka miƙa makullai da rahoton kaya, kana da mako guda na hutawa, sannan ka kama aiki a kujerarka ta babban ofishi ranar Litinin 13 ga Oktoba, 2025. Wanda zai riƙe maka ita riƙon ƙwarya zai yi, an kuma shaida masa haka a rubuce.

Idan ka amince, sai ka sa hannu a kwafin da ke haɗe, ka dawo da shi ofishina kafin ranar Litinin 17 ga Maris. Allah ya kai ka lafiya, ya ba ka ikon riƙe amana.

Wassalam.

Hajiya Binta,
Shugabar Sashen Kula da Ma'aikata.

Kwafi zuwa ga Manajan Reshen Saminaka da Shugaban Sashen Kuɗi.