Takardar Sanarwa ga Ma'aikatan Sashen Sayarwa: Burin Aiki na Janairu zuwa Maris 2026 Bisa Tsarin SMART

Daga: Manajan Sashen Sayarwa, babban ofishi, Katsina
Zuwa ga: Shugabannin shiyyoyi uku da dukkan jami'an sayarwa tara
Kwafi: Akanta da Magajin Sito
Ranar Litinin, 5 ga Janairu, 2026

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wannan takarda tana ɗauke da abin da kamfani yake jiran gani daga sashenmu tsakanin 1 ga Janairu da 31 ga Maris, tare da yadda za a auna aikin kowa. A shekarun baya abin da ake faɗa wa jami'i shi ne ya ƙara ƙoƙari ya faɗaɗa kasuwa, sai ƙarshen wata ya zo a rasa abin da za a kama, domin wanda ya sayar da katan ɗari da wanda ya sayar da dubu duk suna iya rantsuwa cewa sun yi ƙoƙari. Daga wannan zango mun koma tsarin SMART, wanda George T. Doran ya bayyana a wata mujallar harkokin gudanarwa ta Amurka a watan Nuwamba na 1981. A yadda aka fi amfani da shi yau, tsarin yana neman buri ya cika sharuɗɗa biyar: ya zama takamaimai, ya zama ana iya auna shi, ya zama mai yiwuwa, ya dace da bukatar kamfani, kuma ya kasance da wa'adi. Kowane buri da ke ƙasa an gwada shi da waɗannan sharuɗɗa kafin a rubuta shi.

Abin da ake nufi da "an sayar"

Wannan shi ne tushen takardar, don haka ina roƙon kowa ya karanta shi da natsuwa. Daga yau ba a lissafa kaya a matsayin waɗanda aka sayar sai kuɗinsu ya shiga asusun kamfani, ko ta tiransifa ko ta hannun mai karɓar kuɗi da rasit. Kayan da suka bar sito suka sauka a shagon ɗan kasuwa bisa alkawarin "sai ranar kasuwa" bashi ne, kuma a shafin bashi za a rubuta su har ranar da aka biya. Na san wannan zai yi wa wasu nauyi, musamman masu hulɗa da manyan diloli da suka saba ɗauka su biya daga baya, amma masana'antun da muke sarin sukari da man girki a wurinsu ba sa loda mana mota sai sun ga kuɗi, kuma ba za mu iya biyansu da littafin bashi ba.

Abu na biyu, awon zai kasance da yawan katan da buhu, ba da jimillar naira ba. Dalili kuwa sananne ne ga duk wanda ya yi ciniki a shekaru biyu da suka wuce: farashi yana iya tashi cikin mako guda, sai rahoton jami'i ya nuna kuɗi sun ƙaru alhali kayan da ya fitar sun ragu. Idan farashi ya sauko kuma, a ga kamar mutum ya yi sakaci, bayan kuwa ya fi kowa zirga-zirga. Katan dai katan ne, ko farashi ya hau ko ya sauka.

Buri na farko: yawan kayan da za a sayar

A Janairu zuwa Maris na 2025 sashenmu ya sayar da katan da buhu 20,000. Burin wannan zango shi ne 23,000, wato ƙarin kashi 15 cikin ɗari, kuma an raba shi kamar haka. Shiyyar cikin garin Katsina, wadda ta haɗa da Babbar Kasuwa da shagunan Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Marusa da Ƙofar Ƙwaya, za ta tashi daga 10,000 zuwa 11,000, kowane ɗaya daga jami'anta huɗu yana da 2,750. Shiyyar Daura, daga Mashi zuwa Daura, Mai'adua, Sandamu da Zango, za ta tashi daga 6,000 zuwa 7,200, jami'ai uku kowa 2,400. Shiyyar hanyar Kano, wato Batagarawa, Charanchi da Kankiya, za ta tashi daga 4,000 zuwa 4,800, jami'ai biyu kowa 2,400.

Wani zai tambayi abin da ya sa aka ɗora wa cikin gari kashi 10 kawai, aka ɗora wa sauran shiyyoyin kashi 20. Sharaɗin yiwuwa ne ya kawo haka. A cikin Katsina kusan duk shagon da ke da ƙarfin ɗaukar katan ashirin mun riga mun san mai shi, kuma masu sari irinmu suna da yawa, don haka ƙarin dubu ɗaya a can aiki ne ja. A shiyyar Daura kuwa abin da ya riƙe mu bara shi ne mota, domin sau ɗaya take zuwa a mako, kuma sau da yawa kaya sukan ƙare kafin a kai Zango. Tun daga Disamba an ware wa shiyyar motarta, za ta riƙa fita sau biyu a mako, ɗaya daga ciki ta dace da jajiberin kasuwar Mai'adua. Ita kuma tsohuwar motar da shiyyoyin biyu suke rabawa ta zama ta hanyar Kano ita kaɗai. Da ba a yi wannan tanadi ba, da ban sa hannu a kan kashi 20 ba.

An zaɓi zangon farko na bara a matsayin ma'auni, maimakon watanni ukun da suka gabata, saboda shi ma azumi ya faɗo a cikinsa. Sai dai akwai bambancin da ya kamata kowa ya lura da shi. Bara an ɗauki azumi a farkon Maris, bana kuwa ana sa ran ɗauka wajen 18 ko 19 ga Fabrairu gwargwadon ganin wata, Ƙaramar Sallah kuma wajen 20 ga Maris. Masu shaguna sukan cika rumbunansu da sukari, madara, man girki da taliya tun makonni biyu kafin azumi, saboda haka wanda ya jira Maris kamar bara zai tarar an gama saye. Bisa wannan aka tsara wa'adin: 7,000 zuwa 31 ga Janairu, jimillar 12,500 zuwa 14 ga Fabrairu, 16,500 zuwa 28 ga Fabrairu, sannan 23,000 zuwa 31 ga Maris. Shugaban kowace shiyya zai fitar wa jami'ansa rabonsu na waɗannan ranaku.

Akwai ƙa'ida ɗaya a cikin wannan buri. Aƙalla kashi 30 cikin ɗari na abin da jami'i ya sayar ya fito daga sabulu, garin wanki da madarar gari. Sukari a gabanin azumi shi ke sayar da kansa, ribarsa kuma siririya ce, don haka wanda ya cika adadinsa da sukari zalla bai taimaki kamfani yadda alƙalumansa suke nunawa ba.

Buri na biyu: karɓo bashi

A littafin Akanta, zuwa 31 ga Disamba muna bin 'yan kasuwa naira miliyan 14 da suka haura kwana 30. Burin shi ne wannan adadi ya sauko zuwa miliyan 9 kafin 14 ga Fabrairu, sannan miliyan 5 kafin 31 ga Maris. Gobe Talata Akanta zai ba kowane jami'i jerin sunayen masu bashin da ke hannunsa da abin da ake bin kowa. Sabon bashi ba zai wuce kwana 14 ba, kuma duk wanda tsohon bashinsa bai sauka da rabi ba, Magajin Sito ba zai fitar masa da kaya ba sai da sa hannuna. A bi mutane da mutunci, domin yawancinsu abokan hulɗarmu ne na shekaru, amma a fito da rana da adadi a kowace magana, a kuma rubuta. "Zan duba" ba alkawari ba ne da za a shigar a rahoto.

Buri na uku: sababbin shaguna

Kowane jami'i zai kawo sababbin shaguna biyar, jimilla 45. Shago yana shiga lissafi ne idan bai saya a wurinmu ba cikin watanni shida da suka wuce, ya kuma saya sau uku a wannan zango ya biya duka.

Yadda za a auna da abin da zai biyo baya

Maki ɗari ne: 50 na yawan kaya, 30 na karɓo bashi, 20 na sababbin shaguna. A kowane buri ana raba abin da aka samu da abin da aka nema, a ninka da makin burin. Misali, jami'in Daura da ya sayar da 2,160 cikin 2,400 ya kai kashi 90, wato maki 45 cikin 50. A takardar Excel da Akanta yake riƙewa, inda ginshiƙin B yake ɗauke da buri, C kuma abin da aka samu, lissafin makin kaya shi ne:

```
=MIN(C2/B2,1)*50
```

Alƙaluman da za a yi aiki da su na Akanta ne da na Magajin Sito, ba na littafin aljihun jami'i ba, ko da yake kowa yana da damar ya nemi a gwada su idan ya ga saɓani. Wanda ya samu maki 90 zuwa sama zai karɓi ladan rabin albashinsa na wata, wanda ya samu 75 zuwa 89 zai karɓi rubu'i. Wanda ya kasa kai 60 zai zauna da ni da shugaban shiyyarsa mu duba inda matsalar take, kafin a yi maganar wani mataki. Katan da ya haura buri kuma yana da kamashonsa daban bisa tsarin da aka saba.

Za a riƙa zaman bita kowace Asabar da ƙarfe goma na safe, na minti talatin, jami'an waje kuma su shigo ta waya. A cikin azumi zaman zai koma ƙarfe tara. Idan wani abu da ya fi ƙarfin jami'i ya faru, kamar yankewar kaya daga masana'anta, lalacewar mota fiye da kwana uku, ko matsalar tsaro da ta hana bin wata hanya, shugaban shiyya ya rubuto cikin kwana biyu domin a rage burin daidai da kwanakin da aka rasa. Ba a yarda kowa ya bi hanyar da aka yi gargaɗi a kanta don cika adadi ba. Uzurin da aka kawo bayan an rufe lissafi kuwa ba za a saurare shi ba.

Duk wanda yake ganin rabonsa ya fi ƙarfinsa, ya zo da hujjarsa a alƙaluma zuwa zaman Asabar, 10 ga Janairu. A ranar ne kowa zai sa hannu a kan kwafinsa, daga nan kuma adadin ya tabbata. Za a bayyana sakamakon zangon ranar Asabar, 4 ga Afrilu, a biya lada tare da albashin watan.

Allah Ya sa albarka a cinikinmu, Ya kiyaye hanya.

Wassalam,
Manajan Sashen Sayarwa