Tsarin karatun mako 12 na Hadiza, don kwankur na FASA

Hadiza 'yata, ga tsarin da na yi miki alkawari. Kin gama rubuta bak, jarrabawar kammala sakandare, ki huta zuwa Lahadi, ranar Litinin mu fara. Kada ki ce sai sakamako ya fito, wanda ya zauna jiran sakamako ya zubar da wata guda. Inda muka dosa FASA ne, tsangayar aikin gona ta Jami'ar Dschang, kuma kwankur, wato jarrabawar shiga, ba irin bak ba ne. A bak ki kai matsakaicin maki kin wuce. A nan kujeru ƙidayayyu ne, da 'yan Yawunde da Duwala da Bafusam za ki yi takara.

Na duba takardunki na aji. Ilimin halittu kina da ƙarfi, lissafi ba laifi, amma shimi, wato ilimin sinadarai, ya sha ki, kuma hannunki na da nauyi wajen rubutu. A kan waɗannan biyun na gina komai.

Yadda yini zai kasance

Bayan sallar asuba zuwa ƙarfe takwas, darasi mai wuya, lokacin kai na sanyi kuma ƙannenki ba su tashi ba. Daga tara zuwa sha ɗaya, aikin warware tambayoyi a takarda, littafi a rufe. Bayan la'asar awa ɗaya ta bita. Da dare babu sabon darasi, tunda wutar unguwarku ba ta da tabbas. Na yi magana da mahaifiyarki, girkin rana ya koma hannun Zainabu, ke kuma na dare. Juma'a hutu ce gaba ɗaya. Kowace Asabar ki zo gidana a Rumde Ajiya da ƙarfe takwas, in ba ki gwaji da agogo a gabanki.

Ki sayi ƙaramin littafi mai shafi ɗari, mu kira shi littafin kurakurai. Duk tambayar da ta kayar da ke ki rubuta ta a ciki, da dalilin faɗuwar: rashin sani ne, ko gaggawa, ko rashin fahimtar Faransancin tambayar.

Mako na 1

Gwaji kawai. Tsofaffin takardun kwankur biyu daga cikin waɗanda na tara, ba tare da shiri ba. Makin zai ɓata miki rai, kada ki damu, awo muke yi.

Mako na 2 zuwa na 4: shimi da safe, kullum

Mol, nauyin mol, ƙarfin narkakken sinadari, daidaita lissafin haɗuwar sinadarai, sannan asid da baz. Ina so ki daina kallon shimi kamar baƙon abu, domin yana cikin ɗakin ajiyar babanki. Ɗauki buhun takin ure. Tsarinsa CO(NH2)2, nauyin mol ɗinsa giram 60, a ciki 28 na azot ne, wato naitirojin. Ki raba 28 da 60, za ki ga inda 46% da ke jikin buhun ya fito. Buhu mai kilo 50 ke nan yana ɗauke da kilo 23 na azot. To idan ana son kilo 46 na azot a hekta ɗaya, gonar babanki da ke hanyar Pitowa kuma kar ɗaya ce, wato rubu'in hekta, taki nawa zai zuba? Kilo 25, rabin buhu. Ranar da kika yi wannan lissafin da kanki ba ki leƙa ba, kin kama mol. A mako na 4 ki zauna kan pH har ya zama ko cikin barci aka tambaye ki na HCl mai ƙarfin 0.01 mol/L ki ce 2.

Da hantsi a waɗannan makonni, lissafi: ln, exp, da nazarin fonksiyo.

Mako na 5 zuwa na 7: ilimin halittu

Nan ne za ki tara maki, don haka kada ki raina shi don kin iya. Mako na 5 ƙwayar halitta, mitoz da meyoz, ki zana su da hannu har sau biyar. Mako na 6 gado: dokokin Mendel, 3:1 da 9:3:3:1, da tambayoyi aƙalla goma a rana, domin a nan saurin hannu ke fitowa. Mako na 7 tsiro da ƙasa, kuma rabin wannan makon a gona za ki yi shi tunda damina ta kankama. Ki tuge gyaɗa guda ɗaya, ki wanke saiwar, ki dubi ƙananan ƙulli-ƙullin da ke jikinta. Ki fasa ɗaya da farce: in cikinsa ja-ja ne, ƙwayoyin rizobiyom na aiki, suna kamo azot daga iska. Shi ya sa kakanki ke bin gyaɗa da dawa. Ki dubi wuta-wuta a gindin dawa, yadda take liƙe wa saiwa tana tsotse ta tun kafin ta ɓullo sama. Ki san dalilin da ya sa masara da dawa da gero, 'yan rukunin C4, ke jure zafin ranarmu fiye da shinkafa da auduga masu C3. Ki kuma iya bayyana yadda muskuwari, dawar rani, ke nuna a ƙasar karal bayan ruwa ya ɗauke, da danshin da laka ta riƙe kaɗai. Yaran birni haddace wannan suke yi, ke kuwa kin taka shi da ƙafarki.

Shimi ba zai mutu ba a nan, minti talatin kullum bayan la'asar.

Mako na 8 da na 9: fizik da sauran lissafi

Motsi, ƙarfi, makamashi, lantarki. Misali daga bakin Binuwai: injin ban-ruwa ya ɗaga lita 1,000 zuwa tsayin mita 5 cikin daƙiƙa 100. Da P = mgh/t, in an ɗauki g a matsayin 10, amsar wat 500 ce. Ki saba da juya ma'auni, nan ake yawan zamewa: hekta murabba'in mita 10,000 ce, ruwan sama milimita 1 a kanta kuwa 10 m³ ne. Shukar da aka ba tazarar santimita 80 da 25 tana ba da tushe 50,000 a hekta. A mako na 9 ki ƙara da lissafin yiwuwa, ki haɗa shi da tambayoyin gado.

Takardun shiga ba za su jira mako na 9 ba. Da zarar sanarwar Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi ta fito, mu karanta ta tare layi-layi: darussan bana, ranar rufewa, kuɗin rajista, da cibiyar da za ki zauna. Kwafin takardar haihuwa da aka buga wa hatimi da hotuna ki tanade su tun yanzu. Na taɓa ganin ɗalibina mai ƙwazo ya rasa shekara guda saboda harafi ɗaya a sunansa ya bambanta tsakanin takardu biyu, har yau abin na ci mini rai. Ki duba naki yau.

Mako na 10 da na 11

Cikakken gwaji Litinin, Laraba da Asabar, a lokacin da aka ƙayyade, babu tashi shan ruwa. Washegari gyara. Tambayar da ta riƙe ki fiye da minti uku ki tsallake ta, ki dawo daga baya. Da yamma ki karanta shafi ɗaya na Faransanci da ɗan guntun Turanci kan noman ƙasarmu: audugar SODECOTON, binciken iri na IRAD, madatsar Lagdo, koko da kofi na kudu.

Mako na 12

Littafin kurakurai kaɗai, daga farko zuwa ƙarshe, sau biyu. Kwana biyu kafin ranar ki rufe komai, ki je ki ga wurin jarrabawar da idonki, ki gaida Hajiya kaka ta sa miki albarka. Katin shaida, rasit, biro biyu, rula da abin lissafi in an yarda da shi, duk su kwana cikin jaka. Ni zan kai ki da babur, ƙarfe shida da rabi ina ƙofar gida.

Allah Ya ba ki sa'a. Kawunki.