Malam, a koya mana Faransancin da ake ji a bakin mutane

Assalamu alaikum Malam. Ya aiki, ya iyali? Allah ya saka da alheri bisa darussan Faransanci da kake rubuta mana da Hausa.

Ni ɗan kasuwa ne a nan Agege, ina bin hanyar Badagiri in tsallaka Seme zuwa Kwatano saro yadi da atamfa. Roƙona ɗaya ne: a sassauta mana harshen littafi. Jimlolin nan dogaye masu ladabi kamar wasiƙar neman aiki, babu mai jiran ka ƙarasa su a kasuwar Dantokfa. Kafin ka gama "ranka ya daɗe, ina so in san farashin wannan in babu damuwa", mai kaya ta juya wajen wani. A can "se kombiyen?" kawai ake cewa, sai a shiga ciniki. Daga jin ka ɗauko ta littafi sun gane baƙo ne, farashi kuwa sai ya ƙara hawa.

Ga abin da kunnena ke tsinta, na rubuta yadda nake ji, kar a yi mini dariya. Da ka isa za a ce maka "bon aribe", sannu da zuwa ke nan. In ka yi tuntuɓe sai ka ji "dusuma". Ka miƙa wa ɗan zemijan, masu acaɓan nan masu rawayar riga, takardar sefa dubu biyar, ya kaɗa kai ya ce "ya fa mone", wato babu canji. Ko ɗaya ban gani a darussa ba. "Ban sani ba" kuma, wadda aka koya mana da kalma huɗu, a bakinsu ta dunƙule ta zama "she fa".

Lissafi ne ya fi ba ni wuya. Mutanen da ke kiran 80 da "ashirin sau huɗu", 90 kuma su ƙara goma a kai, in suka zubo farashin sefa da sauri sai kaina ya ɗaure. Don Allah a ware darasi guda a kan kuɗi kaɗai: tayi, neman ragi, albarka, da sallamawa.

Ban raina nahawu ba, Malam. Yaran da za su zauna jarrabawa suna bukatarsa. Amma yawancinmu Yarbancin da muke ciniki da shi a Mil 12 a bakin rumfa muka tsince shi, da ji da maimaitawa. In da hali, a riƙa haɗa kowane darasi da muryar ɗan Kwatano yana magana da saurinsa, a kuma nuna mana wacce ake faɗa wa babba, wacce ake faɗa wa sa'a, kada mu yi wa uwar wani rashin kunya ba da sani ba.

Bayan Sallah zan koma, in Allah ya yarda. Da za a fara da darasin kuɗin, da na ji daɗi.

Naka ɗalibi,
mai sayar da yadi a Agege, Legas