Wasiƙar Maraba Zuwa Ga Surukanmu, Iyalan Alhaji Sulaiman

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Alhaji Sulaiman da Hajiya Rabi, da dukkan 'yan'uwa da dangi na gidanku mai albarka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kun huta gajiyar hidima, na rubuto muku wannan wasiƙa a madadin kaina da mai ɗakina Hajiya Binta da sauran iyalina, domin mu yi muku maraba da shigowa cikin zuriyarmu, kamar yadda mu ma muke fatan kun karɓe mu cikin taku. Yau kwana 9 ke nan da ɗaura auren ɗanmu Nasiru da 'yarmu Hauwa'u, kuma tun ranar nake son in zauna da ku mu yi magana a natse, sai dai yawan jama'a da kai-kawon baƙi bai bar mu mun wuce gaisuwa da addu'a ba. Na ga ya fi kyau in rubuta abin da ke raina, domin rubutacciyar magana ana iya komawa gare ta, kuma idan wata rana na kauce wa abin da na faɗa, kuna da hujjar da za ku tuna mini da ita.

Kalmar farko da ta wajaba a kanmu ita ce godiya. Kun raini yarinya shekara 23, kun yi jinyarta, kun ilimantar da ita, kun tarbiyyantar da ita, sannan kuka ɗauke ta kuka ba ɗanmu ba tare da kun tsananta mana ko kun ɗora mana abin da ya fi ƙarfinmu ba. Ba zan manta da ranar da muka fara zuwa gidanku ba, Alhaji, lokacin da duk tambayoyinku suka tsaya a kan halin yaron, da yadda yake mu'amala da mahaifiyarsa da ƙannensa, da ko yana riƙe alkawari. A hanyarmu ta komawa na ce wa ƙanena Malam Haruna, wanda ya raka ni, mutumin da ya yi irin waɗannan tambayoyi ya san abin da ke riƙe gida, kuma tun daga ranar hankalina ya kwanta da wannan haɗi. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ba ku ladan tarbiyyar da kuka yi.

Akwai kuma neman afuwa da ban so in jinkirta. Na samu labari daga baya cewa a ranar ɗaurin aure wasu dattawa daga ɓangarenku, ciki har da kawun amarya wanda ya yi doguwar tafiya duk da ciwon ƙafar da yake fama da shi, sun daɗe a tsaye kafin a sama musu wurin zama. Wannan gazawarmu ce, ba kuma zan ɗora ta a kan yaran da aka sa hidima ba, domin ni ne ya kamata in tabbatar an tanadi wurin manya tun da wuri. Ina roƙon ku isar masa da ban-haƙurina kafin in je da kaina in gaishe shi.

A fahimtata, surukuta dangantaka ce da Allah da kanSa Ya ambata kafaɗa da kafaɗa da dangantakar jini, inda a aya ta 54 ta Suratul Furƙan Ya bayyana cewa Ya halicci mutum daga ruwa, sannan Ya sanya masa dangantakar nasaba da ta surukuta. Saboda haka ba ma kallon ku a matsayin mutanen da za a riƙa haɗuwa da su sai in wani taro ya kama. Daga yanzu abin farin cikinku namu ne, rashin lafiyarku da rashinku kuma sun shafe mu, kuma muna roƙon kada a ɓoye mana irin waɗannan al'amura don gudun ɗora mana nauyi. Za mu ji ciwo ƙwarai idan muka ji labarin wani abu da ya same ku daga bakin wani bayan ya wuce.

Game da Hauwa'u, ina so Hajiya Rabi musamman ta kwantar da hankalinta, domin na san zuciyar uwa ba ta daina bin 'yarta don an kai ta ɗakin miji. Alkawarin da muka yi a gabanku cewa za ta ƙarasa shekarar da ta rage mata a karatun aikin jinya yana nan daram, kuma na sake jaddada wa Nasiru cewa wannan alkawari ni na ɗauke shi da bakina, don haka karya shi tamkar kunyata ni ne. Idan ta kammala ta kuma so ta yi aiki da abin da ta karanta, wannan magana ce da ita da mijinta suka riga suka daidaita a kai, mu kuwa namu addu'a ne da goyon baya. Haka nan ba za a yi mata iyaka da gidan iyayenta ba. Ku ma duk lokacin da kuka yi marmarin ganinta ku je, gidan ɗanku ne, kuma ƙannenta Maryam da Sadiƙu su riƙa leƙa ta, domin watannin farko na aure suna da kewa, ganin fuskar da aka saba da ita kuwa yana rage ta.

Tun da ɗanmu ya zama naku, gaskiya ta sa in gabatar muku da shi yadda yake. Nasiru shi ne na uku cikin 'ya'yana 6, shekararsa 29, kuma a iya sanina ba ya ƙarya, ba ya cin amana, ba shi da rowa. Amma yana da hali guda da na daɗe ina yi masa faɗa a kai, wato idan ransa ya ɓaci sai ya yi shiru, wani lokaci har kwana biyu, yana ganin hakan ya fi ya faɗi abin da zai yi nadama. Mu da muka haife shi mun san shirun ba na ƙiyayya ba ne, amma yarinyar da ta taso a gida mai yawan hira da raha kamar naku tana iya ɗaukarsa a matsayin wulaƙanci. Na gaya masa cewa matar aure tana da haƙƙin a yi mata bayani, kuma mahaifiyarsa ta ja Hauwa'u gefe ta sanar da ita wannan hali tun yanzu. Alhaji, na ba ku cikakken izini ku kira shi ku yi masa nasiha ko faɗa a duk lokacin da kuka ga ya kauce, ba sai kun bi ta kaina ba, kuma na sanar da shi cewa maganarku daidai take da tawa.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa, shi ne yadda za mu riƙe junanmu idan saɓani ya taso, domin zai taso, tun da harshe da haƙori ma suna saɓawa. Ina faɗar wannan ne daga abin da na ɗanɗana. Shekara 7 da suka wuce na aurar da babbar 'yata, kuma cikin shekarar farko wata ƙaramar rashin jituwa ta shiga tsakaninta da mijinta, irin wadda da an bar su da sun shirya kafin gari ya waye. Sai maganar ta fita, wannan ya kai wa wancan, kowa yana ƙara nasa, har ta iso kunnena a wata siffa da ba ita ce ta asali ba. Ni kuma, maimakon in taka in je wurin mahaifin yaron in tambaye shi, sai na yi fushi na janye jiki, shi ma ya ji an ce na ce, ya janye nasa. Yaran sun daidaita cikin mako guda, amma mu iyaye muka shafe wata 8 ba ma gaisawa sai sama-sama, kuma ranar da muka zauna muka warware zancen sai muka tarar babu ko ɗaya cikinmu da ya faɗi abin da aka jingina masa. Har yau ina jin nauyin waɗannan watanni, domin 'yata ce ta fi kowa shan wahalarsu, tana tsaye tsakanin mahaifinta da surukinta ba ta san inda za ta sa kanta ba.

Don haka nake roƙon mu yi yarjejeniya tun yanzu da zukata suke fari. Duk abin da kuka ji an ce na faɗa, ko wani daga gidana ya faɗa ko ya aikata, ku kira ni kai tsaye ku tambaye ni, ko da dare ne, ni ma haka zan yi muku. Ƙananan matsalolin da ke tsakanin miji da mata mu bar musu su koyi warwarewa da kansu, kada mu riƙa tambayar abin da ba a kawo mana ba. Idan kuwa abu ya girma har ya fi ƙarfinsu, to hanyar a bayyane take a aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, inda aka umarta a tashi mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Daga ɓangarenmu na zaɓi Malam Haruna, saboda mutum ne mai sauraro har ƙarshe kafin ya yi magana, kuma ba ya jin kunyar gaya wa nasa cewa shi ne da laifi. Ina fatan ku ma za ku ambata mana wanda kuka amince da shi, tare da addu'ar kada Allah Ya sa a taɓa buƙatar su.

Mai ɗakina ta ce in shaida wa Hajiya Rabi cewa ta ɗauki Hauwa'u kamar ɗaya daga cikin 'ya'yan da ta haifa, kuma ta riga ta gargaɗi 'yan'uwan Nasiru mata cewa gidan ɗan'uwansu yana da mai shi, ba a shiga sai da sallama da izini, ba a kuma tsoma baki cikin yadda take tafiyar da shi. A 'yan kwanakin nan ma yarinyar ta riga ta shiga ranmu, musamman yadda ta lura da kanta cewa mahaifiyata, wadda ta haura shekara 80, ba ta ji sosai da kunnen hagu, sai ta riƙa zama ta damanta idan za ta gaishe ta. Tsohuwar ba ta daina sa mata albarka ba tun ranar.

Muna gayyatar ku, ku da duk wanda ya samu dama cikin 'yan'uwa, ku zo gidanmu ranar Asabar ta ƙarshen wannan wata bayan sallar La'asar, domin a zauna a san juna ba tare da hayaniyar taro ba, yaranmu su san naku, manya kuma su gaisa da kyau. Idan ranar ba ta yi muku ba, ku zaɓi wadda ta fi muku sauƙi, mu a shirye muke. Kafin nan, in Allah Ya yarda, ni da Malam Haruna za mu zo gaishe ku ranar Juma'a mai zuwa, daga nan kuma mu roƙi a haɗa mu da wanda zai raka mu wurin kawun amarya.

Allah Ya albarkaci wannan aure, Ya sanya ƙauna da tausayi tsakanin Nasiru da Hauwa'u, Ya ba su zuriya ta gari, Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. A miƙa gaisuwarmu ga dukkan mutanen gida, manya da yara.

Wassalamu alaikum.

Naku a kullum,
Malam Abdullahi, mahaifin Nasiru,
a madadin dukkan iyalansa.