Jagorar Sabon Kashiya: Oda, Biyan Wani Kaso da Soke Ciniki

Sannu da kama aiki. Ka ajiye wannan takarda kusa da na'ura har hannunka ya faɗa.

Da farko oda. Ka shigar da ita mai saye yana tsaye a gabanka: sunan kaya, adadi, da ragi idan manaja ya amince da shi. Ka karanta masa abin da ke kan allo, sai ya ce haka ne sannan ka karɓi kuɗi. Kada ka riƙe oda a ka da niyyar shigarwa in layi ya ragu, nan ne sababbi suka fi yin tuntuɓe. Kowace oda da lambarta da rasidinta, kuma da lambar shigarka kaɗai za ka yi aiki, ba a ara wa kowa.

Biyan wani kaso ya fi buƙatar natsuwa. A ce jimlar kaya 12,000 ce, mai saye ya ba da 7,000. Odar tana nan a 12,000 ɗinta, kada ka rage ta don ta yi daidai da abin da ke hannunka. Ka shigar da 7,000 a matsayin biya, ka zaɓi hanyar da ya biya, tsaba ko kati ko tiransifa, rasidi ya nuna saura 5,000 tare da sunansa da ranar da zai cika. Ranar da ya kawo cikon, tsohuwar odar za ka nemo da lambarta. In ka buɗe sabuwa, an sayar da kaya ɗaya sau biyu a lissafi, ga shi kuma ana bin mutum bashin da ya riga ya biya. Wanda ya raba biya, rabi tsaba rabi kati, a shigar da kowanne daban. Tiransifa kuwa sai kuɗi sun shigo asusunmu. Hoton da ke wayar mai saye ba shaida ba ne, komai saurin da yake yi.

Sai soke ciniki. Ana danna VOID ne idan an yi kuskuren shigarwa ko mai saye ya fasa nan take, kafin a rufe lissafin ranar. Ka kira manaja ya sa lambarsa, ka rubuta dalili a fili (kalmar "kuskure" ita kaɗai ba ta isa ba, faɗi wane kuskure), ku sa hannu ku biyu a rasidin, ka ajiye shi a durowa. Ba a yaga shi. Wanda ya tafi da kaya ya dawo da su washegari, nasa REFUND ne, kuma ta hanyar da ya biya za a mayar masa. Odar da aka biya wani kaso a kanta ba ka soke ta sai manaja ya yanke yadda za a yi da kuɗin.

Lokacin tashi ka ƙirga tsabar durowa kafin ka duba rahoton na'ura. Gibi ko rara, ka rubuta yadda ka same shi, kada ka cike daga aljihunka. Sannan ka haɗa rasidan da aka soke da rahoton, ka miƙa wa manaja hannu da hannu.