Rabi, ba sai kin amsa ba

Salamu alaikum Rabi, ya gida ya aiki, ya ƙarfin jikin Umma? Allah ya ƙara sauƙi.

Kwantar da hankalinki, na san kina ganin saƙona yau gabanki ya faɗi kin ce shi ke nan ta fara. Wallahi babu komai. Ban ɗora hotonki a ko'ina ba kuma ba zan ɗora ba, ba kira, ba waƙa, ba sallama a ƙofar gida da leda a hannu. Shekaranjiya ma Maryam ta so ta tada zancen a guruf wai a haɗa kuɗi a yi miki bazata, sai na bi ta gefe na ce ta rufa mana asiri, wadda ta shiga Facebook da hannunta ta ɓoye ranar haihuwarta ai ta gama magana, mene ne kuma na takura mata. Ta ɗan yi ƙorafi, kin san halinta, amma ta haƙura. Don haka guruf shiru za ki ji yau.

Ni dai abin da ya sa na rubuto, ranar tana cikin kaina, ba yadda zan yi in goge ta, kuma in na yi gum kamar ban sani ba sai in ji na yi miki ƙarya. To na tuna, na yi miki addu'a da asuba, iyakarta ke nan.

Sai abu ɗaya da na daɗe ina so in faɗa, ki bar ni in faɗa ba zan maimaita ba. Lokacin da aka kwantar da Abba, mutane sun yi ta turo saƙon jaje har wayata ta cika, ke kuwa sai ga ki da caja da zani a jaka, kika zauna kan bencin nan mai sanyi har gari ya waye, ba ki ce min ki yi haƙuri ba ko sau ɗaya, kawai kika karɓi katin kika je kika bi layin magani. Ban manta ba Rabi. Allah ya ƙara miki lafiya da kwanciyar hankali, ya biya miki buƙatunki har waɗanda ba kya faɗa wa kowa.

To na gama, kar ki wani zauna neman kalmar godiya, ko kin karanta kin ajiye wayar ya wadatar, ba zan ji komai ba.

Ranar Asabar in kina gida zan leƙo da yamma, hira kawai, kuma in karɓi jakata da kika ara tun bikin Hauwa, don na ga alama kin mai da ita taki. Ki gaishe min da Umma.

Taki,
Sadiya