Gurbi Takwas

Kawu Sale ne ya haɗa faɗan. Tsohon malamin tarihi ne, tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai zana wasan cike gurbin kalmomi. Da ya rako su tasha a Kano, ya miƙa wa Bashir takarda ɗaya, ya miƙa wa Hadiza irinta.

"Wanda ya fara cikewa kafin ku shiga Sakkwato yana da dubu biyar. Ban da waya."

Bashir da Hadiza taubasai ne, ɗan wa da 'yar ƙanwa, kowa na iƙirarin ɗayan bawansa ne tun suna yawo ba takalmi. Saboda haka ba kuɗin ne ya dame su ba.

Kafin Gwarzo sun share masu sauƙi. Dutsen Barbushe, Dala. Rijiyar Daura, Kusugu. Tsuntsuwar da ke zuwa da damina, shamuwa. Hadiza ta kare takardarta da gefen mayafi.

"Malam, idonka a gabanka."

"Me zan gani a wannan rubutun naki kamar kaza ta yi tono?"

A Malumfashi motar ta faɗa wani rami, biron Bashir ya huda takarda, daga nan bai ƙara kawo tawada ba. Ya hura shi, ya goga a tafin takalmi, shiru. Hadiza ta bar shi ya yi ta roƙo har Funtua, inda aka tsaya salla da cin abinci. Sai da ya saya mata tsire da ruwan sanyi sannan ta yarda su riƙa karɓa-karɓa: kowa ya riƙe biro minti biyar. Wata dattijuwa da ke kujerar bayansu, wadda ta ce a kira ta Inna, ita aka ba wayoyinsu ajiya, ita ce kuma mai duba agogo.

Daga nan Kawu ya fara nuna halinsa. Goma sha ɗaya a kwance: birnin Gobirawa da ya faɗi hannun masu jihadi a 1808. Bashir ya rubuta Alkalawa yana murmushi, don a aji biyu na sakandare an taɓa zane shi a kanta. Sha huɗu a kwance: inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama a hannun sojan Turawa a 1903. Wannan ta riƙe Hadiza tun daga Tsafe har Gusau. Tana ta motsa baki, tana ƙirga yatsu biyar, sai can ta tuna hirar kakarsu kan mutanen da suka bi Sarki gabas.

"Burmi!" ta faɗa da ƙarfi, sannan ta rufe baki.

"Allah ya saka da alheri," in ji Bashir. "Inna, minti biyar ɗinta bai cika ba?"

Ita ma ta rama. Birnin Kanta na Kabi ya gagare ta, sai ta ce masa ya dubi wasu raƙuma ta taga, ta leƙa ta kwashe Surame.

La'asar sakaliya, kowa saura kalma ɗaya, kuma ita ce dai a takardun biyu. Sha huɗu a tsaye, gurbi takwas, farkonta B, harafi na biyar L: madatsar ruwa a kan kogin Sakkwato, an kammala ta a 1978. Bashir ya so ya cusa Goronyo, amma haruffa bakwai ne, kuma wancan a kan Rima yake. Hadiza ta gwada Bagauda a zuci, ta ga ko kusa. Suka yi tsit, har Inna ta leƙo ta ga ko barci suka yi.

A Talata Mafara direba ya tsaya shan mai. Masu talla suka yanyame tagogi. Wani yaro ya ɗago buhun shinkafa ƙarami.

"Hajiya, 'yar gida ce, sabon girbi! Noman Bakolori!"

Suka dubi juna. Biron yana hannun Bashir, amma lokacin Hadiza ne. Ta kai wawura, ya janye, ta kama murfin, biron ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin kujeru. Bashir ya durƙusa yana laluben tsakanin ƙafafun mutane da buhun albasa, yana ta "gafara dai, Baba."

Da ya ɗago, hularsa a karkace, biro a hannu, ya tarar Hadiza tana mayar da jagira cikin jaka. Ga haruffan nan baƙaƙe, manya-manya, har sun fita daga gurabensu.

"Wannan ba rubutu ba ne, kwalliya ce! Inna, ki faɗi gaskiya."

Inna ta karɓi takardar, ta juya ta sama da ƙasa.

"Ni ban yi boko ba, ɗan nan. Amma Kawun naku biro ya ce ko cikewa?"

"Ba ni wayata in kira shi."

"Sai mun shiga Sakkwato," in ji Inna, ta ƙara ƙulle bakin zanenta.